Waiwaye: Yadda Babban Baƙi Ya Mamaye Takardun Ofis na Hausa

Duk inda masu fassara, sakatarori da malaman Hausa suka haɗu a kan takardar hukuma, da wuya a tashi ba a yi gardama a kan babban baƙi ba. Wani zai dage cewa rubuta "gwamna" ko "shugaba" da ƙaramin baƙi raini ne ga mai muƙamin, wani kuma ya ce takardar da kowace kalma ta uku a cikinta ke farawa da babban baƙi tana gajiyar da ido ba tare da ta ƙara wa kowa daraja ba. Haka gardamar take a kan "arewa" da "Arewa", da sunayen watanni, da kanun takardu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa kwamfuta da wayar hannu ne suka kawo ruɗanin, alhali ya girme su da shekaru masu yawa.

Ajamin da Hausawa suka fara rubutu da shi ba shi da babban baƙi ko ƙarami, saboda haka wannan bambanci boko ne ya zo da shi. Hanns Vischer, Baturen jami'in ilimi wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, baƙaƙe masu lanƙwasa suka samu gindin zama a shekarun 1930, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sannan aka yi taron daidaita rubutu na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Hankalin waɗannan zaman ya fi karkata ga baƙaƙen da za a yi amfani da su da kuma raba kalmomi da haɗa su, waɗanda su ne matsalolin gaggawa a lokacin. A sauran al'amura, marubuci ya ci gaba da bin abin da ya koya a makaranta. Wanda ya yi karatu da Ingilishi ya saba fara sunan wata da rana da babban baƙi, wanda ya yi da Faransanci a Nijar kuwa ya saba rubuta su da ƙarami, kuma ba ya girmama kowace kalma a kanun magana.

Abin da ba a cika waiwaya ba, wanda kuma a ganina ya fi duk waɗannan tasiri a kan takardun ofis, shi ne zamanin tafireta. Tafireta tana da baƙi iri ɗaya mai girma ɗaya, ba ta kaurara rubutu, ba ta karkata shi. Idan akawu yana son ya bambanta kanun wasiƙa da jikinta, abin da ke hannunsa bai wuce ya danne maɓallin manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙarƙashi, ko ya bar fili tsakanin baƙaƙe ba. Daga nan ne al'adar buga kanun wasiƙa gaba ɗaya da manyan baƙaƙe a ja musu layi ta kafu. Hakanan idan yana son wata kalma ta fito fili a tsakiyar jimla, ko don muhimmancinta ko don girman mai ita, babban baƙi ne kaɗai mafita. Ta haka alama ɗaya ta ɗauki ayyuka uku: nuna suna na musamman, nuna kanun magana, da nuna ladabi. Na farko aikin ƙa'idar rubutu ne, na biyu aikin tsara shafi ne, na uku kuwa aikin zaɓen kalmomi ne, domin Hausa tana da "mai girma", "mai martaba" da "ranka ya daɗe" tun kafin a san boko.

Akwai wata illa da ta shafi Hausa kai tsaye. Tafiretar da aka saba gani a ofisoshi an ƙera ta ne don Ingilishi ko Faransanci, ba ta da ƙ, ɗ da ɓ, balle manyansu. Mai kula yakan bi takardar da alƙalami ya sa lanƙwasa, mai gaggawa kuwa ya bar ta haka, sai kanu ya fito da KASA, a bar mai karatu ya tantance ko ƙasa ake nufi ko kasawa. Sannan sabon akawu ba daga littafin ƙa'idoji yake koyon tsarin wasiƙa ba. Yakan buɗe fayil ya ɗauko tsohuwar wasiƙa ya kwaikwaya, wanda ya gaje shi ma ya yi haka. Da kwamfuta ta zo da damar kaurara rubutu da sauya girmansa, dalilin ya kau amma al'adar ta zauna, har ake ganin kanu ɗaya da manyan baƙaƙe, da kauri, da layi a ƙasa, duk a lokaci guda.

Misali ɗaya zai nuna yadda abin yake. A ce ƙungiya ta fitar da sanarwa kamar haka: "Ana gayyatar Dukkan Shugabannin Makarantu zuwa Taro a Ɗakin da ke Arewa da Masallaci ranar Litinin, 5 ga Watan mayu." Kalmomin "dukkan", "taro", "ɗakin" da "watan" ba sunan kowa ba ne, don haka ƙaramin baƙi ya dace da su. "Shugabannin makarantu" rukunin mutane ne, shi ma ƙarami. Inda muƙami ke karɓar babban baƙi shi ne inda ya zama laƙabin mutum ko kujera takamaimai, kamar Sarkin Kano ko Wazirin Sakkwato, sabanin "kowane sarki yana da waziri". Ana iya gwadawa ta hanyar sa "wani" ko "kowane" kafin kalmar: idan jimlar ta zauna daidai, sunan gama-gari ne. Wannan rarrabewa tana da amfani na zahiri, domin Alƙali, Liman da Wakili sunayen mutane ne kuma muƙamai ne, kuma idan takarda ta ce "Wakili ya sa hannu" a tsakiyar bayani, ya kamata mai karatu ya san ko mutum mai wannan suna ake nufi ko kuwa wanda aka wakilta.

"Arewa da masallaci" kwatance ne kawai, don haka "arewa" za a rubuta. Babban baƙin na yanki ne mai suna, kamar Arewacin Nijeriya, Gabas ta Tsakiya, ko ƙasar Arewa da ke wajen Dogon Dutsi a Nijar. Wurin da sanarwar ta bar ƙaramin baƙi kuwa shi ne ainihin inda ake bukatar babba, domin Mayu wata ne, mayu kuma jam'in maye ne. Litinin daidai take a tsarin da aka saba a Nijeriya, kuma duk wanda ya girmama Janairu da Mayu sai ya girmama Muharram da Ramalan a takarda ɗaya.

Kanun magana ne ya fi wuyar sasantawa, saboda misalan da aka gada ma sun sha bamban. Sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, an saba rubuta shi da babban baƙi a kowace kalma, wasu editoci kuma suna barin "da", "na", "ta" da "a" da ƙarami, wasu su girmama kalmar farko da sunaye kawai. Kowanne cikin ukun yana karantuwa idan an bi shi daga farkon takarda zuwa ƙarshenta. Abin da ke ɓata rahoto shi ne babi na ɗaya ya zo da tsari guda, na biyu da wani, saboda an kwafo su daga tsofaffin takardu daban-daban, kuma ana gano hakan ne da an dubi shafin ƙumshiya inda kanun suke jere.