Matakan ginuwar ƙungiyar aiki da saɓani tsakanin jiga-jigai biyu

Matakan ginuwar ƙungiya bayani ne kan yadda mutanen da aka haɗa a kan aiki ɗaya suke tashi daga baƙin juna su zama masu aiki tare. Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, shi ya fitar da tsarin a 1965 bayan ya bi rubuce-rubucen bincike kusan 50 kan ƙananan ƙungiyoyi. Ya kawo matakai huɗu: haɗuwa, taƙaddama, daidaituwa da nitsewa cikin aiki. A 1977 shi da Mary Ann Jensen suka ƙara na biyar, wato rabuwa.

A matakin haɗuwa kowa na kunyar kowa, ana jiran shugaba ya faɗi abin yi. Taƙaddama takan taso ne idan aka zo rabon aiki da kuɗi, da sanin wa ke da magana ta ƙarshe. Idan aka amince da ƙa'idoji an daidaita, daga nan aiki ya kankama. Sai dai yawancin ƙungiyoyin da Tuckman ya duba na masu jinyar damuwa ne da na horo, ba na aiki ba, kuma ƙungiyar aiki takan koma taƙaddama da zarar an sauya mata mutum ko an rage mata kasafi.

Taƙaddama ta fi haɗari idan ta faɗa tsakanin mutum biyu da kowa ke ji da su, domin sauran sukan rabu gida biyu. Karen Jehn, a bincikenta na 1995 da 1997, ta rarrabe saɓani uku: a kan aikin kansa, a kan wa zai yi me, da kuma na jinin da bai haɗu ba. Na farko yana iya fito da shawara mai kyau, amma yana saurin rikiɗewa ya koma na uku. Ana gane rikiɗar daga magana: “wannan hanya ba za ta yi ba” ta koma “kai dama haka kake”. A inda kara take da ƙarfi, kamar Kaduna, alamar kan zo a ɓoye. Taro ya yi tsit, kowa ya ce “ba komai”, bayan an tashi kuma a riƙa bin shugaba ɗaiɗai da ƙorafi.

A ɗauki misalin mutum shida da za su haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a Rigasa. Injiniya ya ce ba za a sayi famfo ba sai an haƙa, an gwada yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa. Hajiya mai kula da sayayya ta ce a sayi komai yanzu, farashi kullum hawa yake. Dukansu suna da gaskiya, kuma abin da ya sa rikicin ke da wuya ke nan.

Shugaban aikin zai fara ganin kowannensu a keɓe, domin babba ba ya janye magana a gaban yaransa. Abin da zai tambaya shi ne: “Injiniya, me kake gudu?” da “Hajiya, me kike gudu?” Shi yana gudun famfon da ya fi ƙarfin rijiya, ya zuƙe ruwan ya ƙone, sunansa ya ɓaci. Ita tana gudun kuɗi ya kasa a tsakiyar aiki, a tuhume ta. Da an ji haka sai a zaunar da su biyun, a raba jerin kayan: tanki, ƙarfen hasumiya da siminti ba su jiran gwaji, a saye su a makon. Famfo da faifan sola, waɗanda girmansu ya dogara da ruwan da aka samu, su jira, amma a sa ranar gwaji. Sannan a rubuta cewa girman kaya na injiniya ne, wurin saye da lokacin biya na Hajiya ne, abin da ya shafi biyun kuma shugaba zai yanke, a karanta wa sauran huɗun.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba su haƙuri, su gaisa, a tashi ba a taɓa batun famfo ba. Rikicin zai dawo a kan wani kaya. Raba magana biyu don kowa ya ji daɗi, kamar sayen matsakaicin famfo kafin gwaji, shi ma asara ce.

Wannan hanya tana aiki ne idan saɓanin na aiki ne ko na iko. Idan bayan yarjejeniya ɗayansu ya ci gaba da ɓoye bayanai ko muzanta ɗan'uwansa, sai a raba musu fagen aiki yadda ba sa jiran juna, in ya faskara a cire ɗaya. Zargin cin kuɗi ko cin zarafi kuwa ba a sasanta shi a ɗaki. Bincike ake yi.