Gobara ta tashi a kicin ɗin gidan haya: me zan rubuta wa mai gida da kamfanin inshora?

"Malam, wuta ta kama a kicin ɗinmu ranar Talata da magariba, a gidan da nake haya a Kaduna. Kowa lafiya, amma silin da firji da kayan matata sun ƙone. Na yi wa kayana inshora. Wa zan fara sanarwa, kuma wasiƙa ɗaya ta isa?"

Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alheri. Ka kira su duka biyun yau, sannan ka bi bayan kiran da rubutu, domin maganar waya ba ta zama hujja idan an zo ana ja-in-ja. Wasiƙa biyu za ka yi. Gini na mai gida ne: silin, wayarin, taga, tayil, fenti, da kabad ɗin da ka tarar a kafe a bango. Abin da ka shigo da shi a mota ranar tarewa, shi ne naka, kuma shi kaɗai inshorarka ta ɗauka, sai fa in takardarka ta faɗi wani abu daban. In mai gidan ya yi wa gininsa inshora, shi zai kai wa kamfaninsa, wasiƙarka kuma ita ce zai haɗa da ita.

Buɗe takardar inshorarka ka nemi wurin da aka yi maganar sanar da asara. Akwai wa'adi a ciki, kuma jinkiri na cikin dalilan da kamfani ke kamawa ya ƙi biya. Kar ka jira sai ka gama lissafi. Tura gajeriyar sanarwa mai ɗauke da lambar takardarka, adireshi, rana da lokaci, ka ce cikakken jerin kaya na tafe.

"Ina zargin tiyon gas ne. In rubuta haka?"

Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Ka raba abin da aka gani da ido da abin da ake zato, kowanne da jimlarsa. Ga yadda zai iya fita a wasiƙar mai gida:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ina sanar da kai cewa ranar Talata, wajen ƙarfe 6:40 na yamma, wuta ta tashi a kicin. Maiɗakina tana girki a kan murhun gas, ta ji warin gas, sai ta ga wuta ta taso ta bayan murhun, daidai inda tiyo ya haɗu da tukunya. Maƙwabta sun taimaka an kashe kan tukunyar, 'yan kwana-kwana suka zo suka ƙarasa. Babu wanda ya ji rauni. Bayan wuta ta mutu mun ga tiyon a tsage kusa da bakinsa. Muna zaton daga nan ne, amma ba mu tabbatar ba, muna jiran rahoton hukumar kashe gobara."

Duba abin da babu a ciki. Babu "laifinmu ne", babu "zan biya komai", babu kuma "wayarin ɗinka ne ya jawo". Na san kunya da ganin girman dattijo kan sa mutum ya ɗora wa kansa laifi tun kafin a bincika, amma yawancin takardun inshora sun hana ka amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da izinin kamfani ba. Ban da haka, in kamfanin mai gida ya biya shi, yana da damar ya juyo ya nemi kuɗinsa wurin wanda sakacinsa ya jawo wutar, kuma wasiƙarka ce farkon abin da zai ɗauko. Tsagewar da ka gani ma tana iya zama wutar ce ta yi ta, ba ita ta haifar da wutar ba. Tiyon roba kan narke ko da daga soket wutar ta faro.

Kada kuma wannan ya sa ka ɓoye gaskiya. In an bar mai a kan wuta an fita, ko an ɗauke wutar lantarki aka manta risho mai lantarki a kunne har aka dawo da ita, rubuta shi yadda ya faru. Inshorar gobara ta saba ɗaukar irin wannan kuskuren na yau da kullum. Ƙarya ce ke rushe da'awar gaba ɗaya, kuma mai kimanta asara ya san aikinsa: yana duba inda ƙuna ta fi zurfi, da yadda baƙin hayaƙi ya hau bango yana buɗewa sama daga wuri guda, ya gane inda wutar ta faro.

"Yaya zan jera kayan?"

Kowane abu da layinsa: sunansa da samfurinsa, shekarar da aka saya, kuɗin da aka saya, da halin da yake ciki yanzu. "Firji ya ƙone" bai wadatar ba. Rubuta: firji mai ƙofa biyu, an saya 2021, robar ƙofa ta narke, baya kamawa, rasit na haɗe. In babu rasit, shaidar tura kuɗi ta banki ko tsohon hoton da kayan ya fito a ciki na taimakawa, har hotunan jeren amarya. Kar ka manta da ɓarnar hayaƙi da ta ruwan kashe wuta, kamar labulen falo da buhun shinkafar da ya jiƙe. Su ma asarar gobara ce.

Ka ɗauki hoto kafin a taɓa komai, kuma kada a zubar da abin da ya ƙone, musamman tiyon da kan tukunyar, sai mai kimantawa ya zo ya gani. Abin da kawai za ka yi shi ne hana ɓarnar ƙaruwa: a kashe wutar lantarkin kicin ɗin, a toshe tagar da ta fashe.

"Za su biya ni duk abin da na rubuta?"

Da wuya. Sai dai in takardarka ta ce sabo a madadin tsoho, ana cire tsufan kaya, sannan a cire wani kason farko da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka. Akwai kuma wanda ya fi ba mutane mamaki. A ce kayan gidanka sun kai naira miliyan 4, amma miliyan 2 ka rubuta lokacin da ka shiga. Rabi ke nan ka yi wa inshora, don haka asarar naira 600,000 za ta koma 300,000 kafin a cire kason naka. Yadda farashi ya tashi, wanda ya daɗe bai sabunta adadin ba yana iya faɗawa nan. In takaful ka yi, wato inshora ta tsarin Musulunci, takardun da za a nema kusan iri ɗaya ne.

"In sun yi shiru fa?"

Shi ya sa za ka kai wasiƙar kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Na mai gida ma, ko ejan ne ya karɓa, ya sa hannu. In kamfani ya ƙi biya, nemi dalilinsa a rubuce. Da wannan amsar, da kwafinka mai hatimi, da rahoton hukumar kashe gobara za ka kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya.