Ba Kowane Ƙullutu a Gidan Ƙwai Ne Ciwon Daji Ba

Mata da yawa, idan hoton ciki ya nuna ƙullutu mai ruwa a gidan ƙwansu, sukan ɗauka ciwon daji ne ko sanadin rashin haihuwa. Ga macen da ke jinin al'ada, mafi yawan irin wannan ƙullutu daga aikin gidan ƙwai na kowane wata yake fitowa.

Ƙwai yana girma ne cikin wata 'yar jaka mai ruwa, wadda takan fashe ta sake shi idan ta kai kimanin santimita 2. Idan ba ta fashe ba, sai ta ci gaba da tara ruwa. Wani lokaci kuma takan saki ƙwan, sannan ta rufe ta cika da ruwa ko jini. Ƙullutu mai santimita 4 na wannan nau'i yawanci yakan baje da kansa cikin wata biyu zuwa uku, shi ya sa likita kan nemi a maimaita hoto maimakon gaggawar tiyata.

Ƙullutun yakan fashe idan bangonsa ya yi siriri, musamman lokacin saduwa ko aikin ƙarfi, kuma ciwon gefe ɗaya na mara da ke biyo baya galibi yana lafawa cikin 'yan kwanaki.

Abin da bai kamata a yi jinyarsa a gida ba shi ne ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya tare da amai, domin gidan ƙwan yana iya murɗewa jini ya daina isa gare shi. Jiri, suma, saurin bugun zuciya ko ciwon kafaɗa alamun zubar jini ne a cikin ciki, zazzaɓi kuma yana iya nuna ƙwayar cuta ta shiga. Idan al'ada ta makara, lallai a yi gwajin juna biyu nan take a asibiti, saboda cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana zuwa da irin wannan ciwo.