Me ake nufi da yalo kad, kuma me ya sa katin da aka yi jiya ba ya aiki yau?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar matafiya a Agege ko Idi-Araba ya ji ana cewa "ka yi yalo kad ɗinka?" kuma da yawanmu mun ɗauka wata takarda ce kawai da ake saya kamar tikitin mota, ka ba da kuɗi a miƙo maka ka cusa a cikin fasfo. Ba haka ba ne, kuma wannan fahimtar ita ta sa kawuna ya kusa yin asarar tafiyar asibiti, shi ya sa na ga gara in zauna in yi bayanin kalmar yadda take.

Yalo kad ɗan ƙaramin kati ne mai ruwan ɗorawa da ke shaida cewa an yi maka allurar rigakafin wata cuta, an rubuta ranar da aka yi, an buga hatimi. Sunansa na hukuma da za ka gani a bango shi ne International Certificate of Vaccination or Prophylaxis, kuma ya fito ne daga dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Babbar cutar da ake nemansa dominta ita ce zazzaɓin shawara, wanda sauro ke ɗauka daga wannan ya kai wa wancan. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da ake samun cutar, to duk wanda ya tashi daga Legas ana kallonsa a matsayin wanda zai iya shigo da ita a jininsa ko da lafiyarsa ƙalau, musamman ƙasashe irin su Indiya da suke da irin wannan sauron amma ba su da cutar, su kam ba sa wasa da maganar ko kaɗan.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne lissafin kwana goma. Katin ba ya fara aiki ranar da aka yi maka allura, sai bayan kwana 10, saboda jiki na buƙatar wannan lokacin kafin garkuwa ta ginu. Wato in an yi maka ranar 9 ga wata, katin zai fara aiki ranar 19, kuma ba ranar tashinka daga Ikeja ake dubawa ba, ranar da ka sauka a can ake dubawa.

Ga yadda abin ya faru a gidanmu. Kawu zai raka matarsa Indiya aikin gwiwa, biza ta fito, an sayi tikiti na ranar 14, an canza kuɗi, an ɗaure kaya har da kilishi da yaji. Ranar 8 da daddare na je yi musu sallama sai na ce, "Kawu, ina yalo kad ɗinku in gani?" Ya ce, "Ai ejan ya ce a filin jirgi ake yi, ranar tafiya sai mu fita da wuri saboda gosulo." Na ce, "Kawu don Allah ku gafarce ni, ofishin yana filin jirgi gaskiya ne, amma kati na ranar tafiya ba zai shigar da ku ba." Washegari 9 ga wata muka je aka yi musu allura. Sai muka zauna muka ƙirga: tashi ranar 14, sauka ranar 15, kwana 6 ke nan kacal da allura, kati kuma sai 19 zai fara aiki, saura kwana 4. Abu biyu ne zai iya faruwa, ko dai ma'aikacin kamfanin jirgi ya duba ya hana su hawa tun a Legas, ko kuma su isa can a killace su, don ƙa'idar Indiya ita ce wanda ya zo daga ƙasar da ke da shawara babu kati mai aiki ana iya tsare shi a wurin killacewa har zuwa kwana 6. Wannan shidan ma ba da ka aka sa shi ba, cutar kan ɗauki kwana 3 zuwa 6 a jiki kafin ta bayyana. Ka yi tunanin Hajiya da ciwon gwiwa tana zaune a ɗakin killacewa ranar da likita ke jiranta. Dole aka ɗaga tikiti zuwa 20, aka biya kuɗin canji, aka kira asibiti aka nemi sabuwar rana. Kawu bai ji daɗin kuɗin ba amma ya ce gara wannan da a juyo da su daga bakin ƙofa.

Labari mai daɗi shi ne sau ɗaya ake yi. A da katin shekara 10 yake yi sai a sake, amma tun 11 ga Yuli 2016 aka gyara dokar, allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kuma ba a yarda wata ƙasa ta ce sai ka sake don ya wuce shekara goma ba. Saboda haka in kana da niyyar fita waje ko da baɗi ne, ka je ka yi tun yanzu ka ajiye, maganar kwana goma ta ƙare a wurinka ke nan.

A Najeriya masu ba da katin su ne Port Health Services, sashe ne na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, suna da ofis a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Tun 2019 aka koma sabon kati mai lambar QR, aka daina karɓar tsohon. Yadda ake yi shi ne ka shiga shafin intanet na yalo kad na ma'aikatar ka cika bayananka da lambar fasfo, ka fitar da lambar biyan kuɗi ka biya, sannan ka ɗauki rasit da fasfo ka je da kanka a yi maka allura a ba ka kati. Ka lura na ce da kanka. Duk wanda ya ce ka turo hoton fasfo ta WhatsApp zai kawo maka kati har shago ba tare da an tsira maka allura ba, wallahi cutar ka zai yi, ko da katin ya yi kyau a ido. Ba wai maganar kamawa kaɗai ba, shawara cuta ce mai kisa kuma babu maganin da ke kashe ƙwayarta, sai dai a yi ta tallafar jiki, to ka biya kuɗi ka sayi takarda jikinka kuma babu kariya. Masu tunawa sun san abin da ya faru a watan Maris na 2012 lokacin da Afirka ta Kudu ta dawo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi kan zargin katunansu na bogi ne, har abin ya zama rikici tsakanin ƙasashen biyu kafin daga baya Afirka ta Kudu ta ba da haƙuri.

In an miƙo maka katin kar ka tashi sai ka duba shi a wurin. Sunan ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, don mu muna da wannan matsalar ta Muhammad da Mohammed, Abubakar da Abubakr. Ka duba ranar haihuwa, ranar allura, sunan kamfanin da ya yi allurar da lambar rukunin kwalbar, sa hannun ma'aikacin lafiya da hatimin ofis, kai ma akwai inda za ka sa hannu. Kankarewa ko gyara da biro na iya ɓata katin gaba ɗaya, kar ka ce bari in gyara kwanan wata da kaina. Sannan ka haska lambar QR da wayarka ka ga bayananka ne suka fito ba na wani ba. Wanda kuma ya canza fasfo bayan ya yi kati, ya koma ofishin tun kafin tafiya ya nuna musu, ya kuma riƙe tsohon fasfon a jaka.

Ba kowa ake yi wa allurar ba. Jariri ƙasa da wata 6 ba a yi masa sam, a ƙa'ida daga wata 9 ake farawa. Mai juna biyu, wanda ƙwai ke tayar masa da rashin lafiya mai tsanani, wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kamar mai shan maganin ciwon daji, da dattijon da ya haura 60, duk sai sun yi magana da likita tukunna. In likita ya ga bai dace ba zai rubuta takardar uzuri, amma ƙasar da za a je ba dole ne ta karɓa ba, shi ya sa masu tafiya jinya su fara tambayar ofishin jakadanci kafin su sayi tikiti.

Kuma katin ba na shawara kaɗai ba ne, yana da shafukan wasu allurai. Alhazai sun san ta sanƙarau, wadda Saudiyya ke nema a yi aƙalla kwana 10 kafin isa, ita kuma tana ƙarewa, wani nau'in shekara 3 wani shekara 5, saboda haka wanda ya je Hajji shekaru shida da suka wuce kar ya ce ai ina da kati. Akwai kuma ƙasashen da ke neman shaidar rigakafin shan inna ko da kai babba ne, ita kuma yawanci ana so a yi tsakanin sati 4 da wata 12 kafin tafiya, ka ga ke nan ta fi ta shawara buƙatar shiri da wuri.

Masu bin hanyar ƙasa ta Seme su ma abin ya shafe su, Benin da Togo da Ghana duk suna neman shaidar allurar shawara, rashin buƙatar biza a ƙasashen ECOWAS bai ɗauke wannan ba.

To ta yaya za ka tabbatar tun kana gida? Ka fara da shafin ofishin jakadancin ƙasar da za ka je, sannan ka kira kamfanin jirgin, don su suna da wani kundi da ake kira Timatic wanda ma'aikacin kanta ke dubawa kafin ya ba ka takardar shiga jirgi, abin da ya nuna masa shi zai bi ko da me ejan ya faɗa maka. In ka kira kar ka tsaya a "zan je ƙasa kaza", ka faɗi cewa daga Legas za ka tashi, ka faɗi inda za ka yada zango da awa nawa za ka yi a wurin, saboda ƙasashe da yawa suna lissafa zaman da ya wuce awa 12 a filin jirgin ƙasar da ke da shawara kamar ka shiga ƙasar ne. Ka faɗi shekarun yaran da ke tare da kai, don wata ƙasar daga wata 9 take nema wata kuma daga shekara 1. Sharuɗɗan nan suna canzawa idan annoba ta ɓarke, to ka duba kafin sayen tikiti ka kuma sake dubawa saura sati biyu, lokacin da in an ce sai allurar shawara kwana goman nan za su ishe ka. Ranar tafiya kuma katin ya zauna a cikin fasfo a jakar hannu, kar a sa shi a babbar akwati da za a auna ta wuce, don a wasu filayen jirgin teburin ma'aikatan lafiya za ka fara tararwa kafin ka kai ga inda ake ɗaukar kaya.