Entalfin narkewa

Entalfin narkewa shi ne yawan zafin da ake fitarwa ko ake zuƙa idan mol ɗaya na gishiri ya narke cikin ruwa mai yawa. Mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari. Gishiri a nan bai tsaya ga na miya ba, ya haɗa da duk sinadarin da ya ƙunshi ayon, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki. Ana auna shi da kilojul ga kowane mol. Alamar tarawa na nufin an zuƙi zafi, alamar ɗebewa kuma an fitar da shi.

Dokar Hess ta 1840, wadda ta ce jimlar zafin sauyi ɗaya ce ko ta wace hanya aka bi, ta ba da damar a kasa narkewa gida biyu a lissafi, ko da yake a cikin kofi tare suke faruwa. Da farko sai an raba ayon ɗin daga tsarin da suka jeru a cikinsa, tsarin da ake kira latis. Wannan yana cin makamashi sosai, domin caji masu saɓani suna riƙe da juna gam. Daga nan ƙwayoyin ruwa su kewaye kowane ayon, su saki zafi, wanda ake kira makamashin haidireshan. A lissafin da ke ƙasa, ΔH shi ne entalfi, sol na nufin narkewa, latt latis, hyd kuma haidireshan.

```
ΔH(sol) = ΔH(latt) + ΔH(hyd)
```

Ga gishirin miya, NaCl, raba latis yana cin kusan +788, Na⁺ ya mayar da −406, Cl⁻ kuma −378. Ragowar ita ce +4, shi ya sa hannu ba ya jin wani sauyi. Raunin lissafin ma a nan yake: amsar ƙaramin bambanci ce tsakanin manyan lambobi biyu. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a lambar latis ya kai kilojul 8, ninki biyu na amsar, har yana iya juya alamarta. Don haka awo da tamomita ya fi abin dogaro. Wasu littattafan kuma suna rubuta makamashin latis da alamar ɗebewa, saboda haɗuwar ayon suke nufi, kuma wanda bai juya alamar ba zai samu −1572.

Ruwa yana sanyi ne idan abin da haidireshan ya biya bai kai abin da latis ya ci ba, sai a cike giɓin da zafin ruwan kansa. Amoniyam naitiret, NH₄NO₃, yana da +25.7, domin ayon ɗinsa manya ne masu caji ɗaya-ɗaya, ba sa jan ruwa da ƙarfi. Giram 8 nasa, wato mol 0.1, zai zuƙi jul 2570. A cikin giram 100 na ruwa, wanda kowane giram ke buƙatar jul 4.18 kafin ya sauya digiri ɗaya, zafin zai sauka da kusan digiri 6. Haka wasu jakunkunan sanyi na targaɗe suke aiki.

To me zai sa ya narke alhali zafi yake ci? Ayon da suka bazu cikin ruwa sun fi na latis hanyoyin warwatsuwa, wato entirofi ya ƙaru, kuma wannan ƙarin ya rinjayi zafin da aka zuƙa. Kalsiyam kulorayid, CaCl₂, akasin amoniyam naitiret yake: Ca²⁺ ƙarami ne mai caji biyu, yana jan ruwa sosai, sai ruwan ya ɗumama.