Sauya wa tuwo suna: tambayoyi kan sake fasalin rubutun wani

Malam, ina rubuta kundin digirina. Na ɗauko sakin layi daga wani littafi, na canza kusan kowace kalma da mai ma'ana irin tata, amma malamin da ke duba aikina ya ja masa jan biro ya rubuta "kwafe". Ina kwafen yake, tunda kalmomin ba na marubucin ba ne?

Kwafen yana cikin ginin, 'yata. Marubuci yana zaɓen abin da zai fara faɗa, da abin da zai biyo baya, da inda zai sa "amma", da inda zai sa "saboda haka". Wannan jerin shi ne tunaninsa, shi ne kuma ya fi ba shi wahala. Idan kika bar jerin yadda yake kika musanya kalmomi, kin sauya wa tuwo suna ne kawai.

Bari mu gani a aikace. Ga sakin layin da na tsara don misali, ki ɗauka a littafin tarihi kika same shi:

"Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka sun sa ran auduga ce za ta cika taragai, domin masaƙun Ingila na matuƙar bukatarta. Sai dai masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na kamfanonin Turawa, ga shi kuma gyaɗa ta fi kawo wa manomi riba. Saboda haka manoma suka karkata ga gyaɗa, har ta zama babbar hajar da Kano ke fitarwa ƙasashen waje."

Ga kuma irin abin da ɗalibai ke kawowa:

"Sa'ilin da titin jirgi ya ƙaraso Kano a 1911, Nasaran mulkin mallaka sun yi fatan kaɗa ce za ta cika taragai, saboda masana'antun Birtaniya na tsananin sonta. Amma maɗinkan gida suna sayen kaɗa da kuɗin da ya zarce na 'yan kasuwar Turawa, ga shi kuma gujiya ta fi kawo wa manomi kuɗi. Don haka manoma suka juya ga gujiya, har ta zama babban kayan da Kano ke turawa ƙetare."

Ki ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Jimla uku can, jimla uku nan. Dukansu sun fara da zuwan jirgi, sai tsammanin Turawa, sai dalilinsu, sai "amma", sai dalilai biyu, sai sakamako. Za ki iya ɗora yatsa a kan kowace kalma ta biyun ki nuna wadda ta maye gurbinta a na farkon. Duk rubutun da za a iya yi wa haka, kwafe ne.

To ai ko ba komai ma'anar ba ta canza ba, ko?

Ta canza, kuma wannan ya fi kwafen muni, domin yanzu kin jingina wa marubuci abin da bai faɗa ba.

Maɗinki ba masaƙi ba ne. Masaƙi shi ke bukatar zaren da aka kaɗa daga auduga. Maɗinki sai an gama saƙa yake karɓar ƙyalle. Da kalma ɗaya an rushe dalilin farko na labarin. Riba kuma ba kuɗi ba ce: amfanin gona yana iya kawo kuɗi masu yawa amma wahalarsa da ɗawainiyarsa su cinye su. "Sun sa rai" magana ce ta wanda ya yi lissafi yana jiran abu. "Sun yi fata" ta mai buri ce. "Titin jirgi" kuwa, mai karatu na yau yana iya ɗauka filin jirgin sama ake nufi.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce gujiya. A Sakkwato da wasu sassan yamma, idan aka ce gujiya, gyaɗa ake nufi. A Kano kuwa gujiya ko gurjiya wata aba ce daban, wadda ake dafawa a ci, wasu ke kira kwaruru. Ke nan Bakano zai karanta cewa garinsu ya shahara da fitar da gurjiya zuwa Turai, ya yi dariya. Kaɗa ce kaɗai ta tsira a cikin musanyar, don ita ma auduga ce a bakin Sakkwatawa, amma ko ita ta shigo da karin harshen da bai dace da sauran kundin ba.

Dalilin duk wannan shi ne, da wuya ki samu kalmomi biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Ki duba aro da rance. Kina aron keke ki mayar da shi kansa. Kina rancen kuɗi ko kwanon gero ki biya da makamancinsa. Ki duba mutu da rasu: akuya tana mutuwa, amma ba a cewa ta rasu, kuma ba kya cewa mahaifin ƙawarki "ya sheƙa barzahu" sai in faɗa kike nema. Wasu kalmomin ma ba sa rabuwa da abokan tafiyarsu. Ana cin amana, ana cin jarrabawa, ana cin kasuwa; ki sa "tauna" ko "haɗiye" a wurin "ci" ki ji abin da zai fito. Ga kuma jinsi: ki cire "hanya" ki sa "titi", dole "ta lalace" ta koma "ya lalace". Mai musanya cikin gaggawa yakan manta da wannan, sai jimla ta riƙa ɗingishi.

Ba a Hausa kaɗai abin yake ba. A 2021 wani masanin kwamfuta na Faransa, Guillaume Cabanac, da abokan aikinsa sun nuna yadda ake gano takardun kimiyya da aka bi da su ta manhajar musanya kalmomi. Alamar ita ce sanannun sunaye na ilimi sun koma shirme. A irin waɗannan takardu an ga sankarar mama, a Turance, ta koma wani abu mai kama da "haɗarin ƙirji".

Yaya ake yin na gaskiyan?

Ki fara da tambayar kanki: me nake so da wannan sakin layi a babina? Marubucin tarihin labarin jirgi yake bayarwa, shi ya sa ya fara da jirgi. A ce ke kundinki a kan yadda manoma ke zaɓen abin da za su shuka ne. Ke nan manomi ne zai shiga gaba, jirgi ya koma baya.

Sai ki karanta sakin layin har ki iya faɗa wa ƙanwarki shi da baki. Ki rubuta guntayen abubuwan da ya ƙunsa a gefen takarda, ba cikakkun jimloli ba: jirgi 1911, Turawa auduga, masaƙan gida sun fi biya, gyaɗa ta fi riba, gyaɗa ta yi rinjaye. Daga nan ki rufe littafin. Wannan rufewar ita ce rabin aikin, domin muddin idonki na kan shafin, hannunki zai bi sahunsa ko ba ki so. In da hali ma ki tashi ki yi wani aiki kafin ki dawo.

Ga abin da zai iya fitowa:

"Gyaɗa ce ta fi biyan wahalar manomin ƙasar Kano, don haka ita ya zaɓa. Audugar da yake nomawa kuwa tana da masu saye a gida, wato masaƙa, waɗanda tayinsu ya ɗara na kamfanonin Turawa. Shi ya sa dogon da ya iso a 1911, wanda mahukunta suka yi tsammanin zai riƙa kai auduga masaƙun Ingila, ya ƙare da jigilar gyaɗa, hajar da ta zo ta fi kowace fita daga Kano zuwa ƙetare."

Sakamakon da ya zo ƙarshe can, nan shi ya fara. Mai aikatawa a jimlar farko ya tashi daga Turawa ya koma manomi. Tsammanin Turawa, wanda ya ci jimla guda cur, ya zama ɗan ƙarin bayani a tsakiyar wata jimlar. Amma ki lura gyaɗa tana nan gyaɗa, auduga auduga, masaƙa masaƙa, 1911 kuma 1911. Sunayen abubuwa da na wurare da shekaru da alƙaluma ba mallakar marubuci ba ne, ba a taɓa su.

Bayan haka ki buɗe littafin ki gwada. Abu biyu kike nema. Na farko, ko wani abu ya faɗi a hanya ko ƙarfinsa ya canza: "wasu" ta koma "duka", "mai yiwuwa" ta ɓace, "ana zarginsa" ta koma "ya aikata". Na biyu, ko kin cusa ra'ayinki a bakin marubucin. A ce kina so ki rubuta "manomi ne ya juya akalar jirgin, ba Bature ba". Magana ce mai kyau, amma fahimtarki ce. Ki gama kawo bayaninsa, ki sa madogara, sannan ki faɗi taki a jimla ta daban, yadda mai karatu zai san inda nasa ya tsaya naki ya fara.

Idan na sake shi haka, har yanzu sai na ambaci marubucin?

Sai kin ambata. Jimlolin sun zama naki, amma shi ya tono bayanin.

Ƙawata ta ce ita da ta canza kalmomi, kason kamanceceniya da manhajar binciken kwafe ta Turnitin ta nuna mata ya ragu sosai.

Yana iya raguwa. Manhajar tana neman jerin kalmomin da suka yi kama da abin da ke rumbunta, sai ta ba da kaso cikin ɗari na kamanceceniya. Ba ta yanke hukuncin cewa an yi satar fasaha ko ba a yi ba. Wannan aikin mutum ne. Kaso yana iya hawa saboda jerin manazarta da maganganun da aka ɗauko bisa ƙa'ida, yana iya sauka alhali sata na nan daram. Malamin da ya san littafin, ko ya san yadda ɗalibarsa ke rubutu, zai ji sautin ya canza a tsakiyar shafi. A ranar kare kundi kuma tambaya ɗaya ta isa: "Me ya haɗa maɗinka da farashin auduga?"

Akwai inda bai kamata in sake fasalin ba sam?

Akwai: duk inda lafazin kansa shi ne abin magana. Aya da hadisi, sashen doka, baitin waƙa, karin magana, ko ma'anar da wani masani ya ba wata kalma wadda kike shirin yi wa sharhi ko suka. Waɗannan ki kawo su yadda suke, harafi da harafi, cikin alamar zancen wani, ki sa sunan mai su da shekara da lambar shafi. In kin tsallake wani yanki a tsakiya, ki sa ɗigo uku a wurin.