Kashi 70 Na Me? Gargaɗi Ga Masu Auna Bugun Zuciya Wajen Motsa Jiki

Kusan duk wanda ya zo mini da tambaya kan motsa jiki a 'yan kwanakin nan, da lamba a bakinsa yake zuwa. Wani ya ce an gaya masa ya riƙa aiki a kashi 60, wata ta ce agogon hannunta yana nuna mata kashi 70, wani kuma abokinsa ne ya ba shi lambar da shi yake amfani da ita. Idan na tambaya, "Kashi 70 na me?" sai a yi shiru. Wannan ɗabi'a ta ɗaukar kashi ba tare da sanin abin da aka kasa ba ita ce ta fi damuna, domin hanyoyin lissafin biyu ne, kuma kashi 70 a ɗaya yana iya bambanta da kashi 70 a ɗayar da bugu sama da 20 a minti guda. Na ga mutanen da suka shafe watanni suna tattaki ba tare da zuciyarsu ta yi aikin a-zo-a-gani ba, na kuma ga waɗanda suka jigata kansu har jiri ya ɗebe su, alhali kowannensu yana ganin umarni yake bi.

Hanya ta farko ita ce wadda kowa ya sani. Ana ƙiyasta ƙololuwar bugun zuciya, wato iyakar abin da zuciya za ta iya bugawa a minti, ta hanyar cire shekarun mutum daga 220, sannan a ɗauki wani kashi na wannan lamba. Mai shekara 40 ƙololuwarsa 180 ce, kashi 70 ɗinta kuwa 126. Lissafin ba shi da wahala, amma yana ƙirgawa ne daga sifili, kamar dai zuciya tana tsayawa cak idan mutum ya zauna. Ku ɗauki dattijo mai shekara 60, wanda ƙololuwarsa 160 ce, bugunsa na hutu kuma 80. Idan aka ce masa ya fara a hankali da kashi 50 na ƙololuwa, lambar da za ta fito 80 ce, wato ya riga ya cika umarnin yana zaune a kan kujera bai ɗaga ƙafa ba.

Hanya ta biyu ana danganta ta da Martti Karvonen, wani likita masani ɗan ƙasar Finland, wanda shi da abokan aikinsa suka yi amfani da ita a wani bincike da aka buga a 1957. Ita tana farawa ne daga bugun hutu. Abin da zuciya take da shi na ƙari idan aiki ya taso shi ne tazarar da ke tsakanin bugun hutu da ƙololuwa, kuma wannan tazara ake kasawa, daga baya a mayar da bugun hutu a kai. A agogo da manhajojin waya za ku ga an rubuta ta da HRR, ga kuma yadda lissafin yake:

```
HRR = HRmax - HRrest
THR = (HRR x %) + HRrest
```

HRmax ita ce ƙololuwa, HRrest bugun hutu, THR kuma bugun da ake son mutum ya riƙe yayin da yake motsa jiki. Dattijon nan tazararsa 80 ce, rabinta 40, idan aka ɗora a kan bugun hutunsa na 80 sai a sami 120. Wannan lamba ce da za ta sa shi tafiya da sauri har numfashinsa ya ɗan ɗaga, kuma abin da ake nufi da farawa a hankali ke nan.

Bari in daɗe kaɗan a kan misali guda, domin a nan ne abin yake fitowa fili. Mutum biyu ne, kowannensu shekararsa 40, ƙololuwar da aka ƙiyasta musu 180. Na farko ya daɗe yana gudu, bugunsa na hutu 55. Na biyu aikin zama yake yi, bugunsa na hutu 85. Hanya ta farko za ta ba su lamba ɗaya, 126. Amma na farko tazararsa 125 ce, kuma kafin ya kai 126 sai zuciyarsa ta ƙara bugu 71, wato ya ci kusan kashi 57 na tazararsa. Na biyu tazararsa 95 ce, ƙarin bugu 41 kawai yake buƙata, kimanin kashi 43. Lambar da ke fuskar agogonsu ɗaya ce, amma nauyin da ke kan jikinsu ba ɗaya ba ne. Idan muka bi lissafin Karvonen muka ce kowa ya yi aiki a kashi 60 na tazara, na farko zai sami 75 a kan 55, wato 130, na biyu kuma 57 a kan 85, wato 142.

Mutane sukan yi mamaki a nan, su ce ta yaya wanda bai saba ba zai sami lambar da ta fi ta ɗan gudu. Ba a ce ya fi shi gudu ba. Zuciyarsa daga sama ta faro, kuma da ɗan ƙaramin aiki take hawa, don haka yana iya kaiwa 142 da saurin tafiya a hanya mai ɗan tudu, shi kuwa ɗan gudun sai ya yi sassarfa kafin ya ga 130. Masu bincike sun nuna cewa kashin tazara yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da yawan ƙarin iskar oksijin da jiki ke amfani da ita sama da na hutu, shi ya sa nake fifita wannan hanya ga duk wanda bugun hutunsa ya yi nisa da na yawancin mutane, ko ta sama ko ta ƙasa.

Yanzu ga inda ake yin ɓarnar. Kwalejin likitancin wasanni ta Amurka ta sanya matsakaicin aiki a kashi 40 zuwa 59 na tazara, aiki mai tsanani kuma kashi 60 zuwa 89. Da ma'aunin ƙololuwa kuwa, matsakaici yana kamawa daga kashi 64 zuwa 76, mai tsanani daga 77 zuwa 95. Ku duba da kyau: kashi 70 a ma'aunin ƙololuwa matsakaicin aiki ne, amma a ma'aunin tazara ya shiga mai tsanani. Mutuminmu na biyu, idan likita ya ce masa kashi 70 na ƙololuwa, 126 ake nufi. Idan agogonsa an saita shi a kan %HRR bai sani ba, zai riƙa bin 152, wanda ya haura kashi 84 na ƙololuwarsa. Bambancin bugu 26 ne, ga mutumin da bai saba ba, wataƙila ma yana da hawan jini. Juyin wannan kuskure shi ma yana faruwa: a ce wa mutum kashi 50 na tazara, ya je ya ninka da ƙololuwa ya sami 90, ya yi ta jan ƙafa wata da watanni, sannan ya dawo yana ƙorafin cewa motsa jiki bai yi masa komai ba. Haba jama'a! Tambaya ɗaya ce tak za ta hana wannan, kuma babu ma'aikacin lafiyar da zai ji haushi don an tambaye shi wane kashi yake nufi. Kunyar tambaya ce ke cutar da ku. Haka nan aron lambar aboki, ko da sa'anku ne, ku daina shi, domin bugun hutunku ba ɗaya ba ne.

Na san ba da gangan kuke yi ba, kuma wanda ya tashi ya fara motsa jiki ya riga ya yi abin da ya fi wuya. Abin da ya rage ƙalilan ne:

- Ku auna bugun hutu da safe da zarar kun farka, kuna kwance, kafin shayi ko kofi ko sigari.
- Ku sa yatsu biyu a wuyan hannu, ban da babban yatsa, ku ƙirga cikakken minti ɗaya.
- Ku maimaita safiya uku zuwa biyar, ku ɗauki matsakaicin.
- Ku buɗe saitin agogo ku ga ko %HRR yake bi ko kashin ƙololuwa.
- Bayan wata biyu ko uku ku sake aunawa, domin bugun hutu yakan sauka idan jiki ya saba.

Kada ku kawo mini bugun da aka auna muku a asibiti bayan kun hau bene kuna fargaba ku ce shi ne na hutu. Idan na gaskiya 75 ne kuka sa 95, a kashi 50 lambarku za ta haura da bugu 10 ba gaira ba dalili. Ranar da kuke da zazzaɓi, ko ba ku sami barci ba, ita ma ba ranar awo ba ce.

Hanyar Karvonen ba ta gyara kowace matsala ba. Har yanzu tana dogara da ƙololuwa, kuma cire shekaru daga 220 ƙiyasi ne da kan kauce wa gaskiya da bugu 10 zuwa 12, sama ko ƙasa, a wasu mutanen ma fiye da haka. Akwai wani lissafi da Tanaka da abokan aikinsa suka fitar a 2001, inda ake ninka shekaru da 0.7 a cire daga 208. Ga mai shekara 40 amsar ɗaya ce, 180, amma ga mai shekara 60 yana ba da 166 maimakon 160. Shi ma ƙiyasi ne. Ainihin ƙololuwa sai da gwajin motsa jiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararru ake saninta, kuma ba na son kowa ya je ya nemo tasa da gudun fitar rai shi kaɗai. Saboda haka ku riƙa gwada lambar da numfashinku. A matsakaicin aiki mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, a mai tsanani kuwa 'yan kalmomi zai faɗa ya tsaya jan numfashi. Idan agogo ya ce kuna matsakaici amma ba ku iya haɗa jimla, ku yarda da numfashin ku sassauta. Zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki su ma suna ɗaga bugu ko da saurinku bai canza ba.

Akwai waɗanda duka lissafin biyu ba nasu ba ne sai da izinin likita. Masu shan magungunan da ke rage bugun zuciya, irin su atenolol, bisoprolol da propranolol, zuciyarsu ba za ta kai lambar da shekaru suka nuna ba, kuma bin ta da ƙarfin tsiya haɗari ne. Haka masu bugun da ba shi da tsari, da waɗanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, da mata masu juna biyu, da duk wanda ya taɓa samun ciwon zuciya. Wanda kuma ya ga bugun hutunsa kullum yana sama da 100, ya fara zuwa a duba shi kafin ya yi wani lissafi. Idan kuna cikin motsa jiki kuka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi da ba ku saba ji ba, ku tsaya nan take ku nemi asibiti, ko da agogon yana nuna cewa ba ku kai lambarku ba.